Riba Ta Shigo: A Mayar Da Ita Cikin Jari Ko A Fitar?

Duk wanda ya taɓa zama da mai gidan burodi a daren ƙarshen wata ya san yadda abin yake. An rufe ƙofa, yara sun wanke gwangwanaye sun kife su, tanda tana hucewa, shi kuma maigida ya baje littafin lissafinsa a kan benci, littafin nan mai bangon kwali da duk gefensa ya sha bota. Ya haɗa ciniki, ya cire abin da aka kashe, alƙalami ya nuna masa riba mai daɗin gani. Sai ya jawo aljihun tebur, ya duba abin da ke banki a wayarsa, ya ga kuɗin da ke hannu bai kai rabin abin da littafi ya faɗa ba. Gobe kuma dilan fulawa zai aiko yaro, uwargida ta yi maganar kuɗin makarantar yara, ga wani da ya yi masa tallan fili a bayan gari, ga kuma tanda ta biyu da ya daɗe yana mafarkin ginawa.

A nan ne ake yanke shawarar da ke raba ɗan kasuwar da zai girma da wanda zai tsaya inda yake, da kuma wanda zai karye yana tsammanin girma yake yi. Mutane sukan ɗauki maganar kamar ta hali ce kawai: wai mai haƙuri yana mayar da riba cikin jari, mai kwaɗayi yana cinyewa. Ni ban yarda da wannan rabon ba. Akwai wanda mayar da riba ne ya kashe shi, akwai wanda fitar da ita ce ta tsirar da iyalinsa. Maganar ta lissafi ce, kuma lissafin yana farawa da tambayar da yawancinmu muke tsallakewa: a cikin abin da littafi ya kira riba, nawa ne riba ta gaskiya?

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Gidan burodin nan yana kwaɓa buhu 10 na fulawa a rana, kwana 25 a wata. Bayan an cire kuɗin fulawa da sukari da yis da bota da leda da itace da man janareta da ladan ma'aikata da haya, kowane buhu yana barin naira 8,000. Wato naira 80,000 a rana, naira miliyan 2 a wata. Wannan ita ce ribar littafi.

Abu na farko da za a cire shi ne ladan maigidan kansa. Shi ne ke tashi kafin asuba ya duba kwaɓi, shi ke rigima da dila, shi ke bin bashi. Da wani ya ɗauka ya yi masa wannan aiki, da ya biya shi. To, ya yanka wa kansa albashi, a ce naira 400,000, ya riƙa ɗauka rana ɗaya a wata kamar kowane ma'aikaci, cefane da hidimar gida su fito daga ciki. Amfanin wannan ya wuce tsari. Idan sana'a ba ta iya biyan mai ita ladan wahalarsa, to ba riba take bayarwa ba, ƙwadago yake yi wa kansa a farashi mai arha. Kuma muddin hannun maigida yana shiga aljihun tebur duk lokacin da aka yi baƙo ko aka zo da katin biki, ba shi da hanyar sanin abin da ya fitar a shekara. Dubu biyar yau, dubu ashirin gobe, ba mai rubutawa.

Na biyu shi ne tsufan kayan aiki. Injin kwaɓi da janareta da 'yar a-kori-kurar da ke rarraba burodi, a ce ya saye su duka a kan naira miliyan 12, kuma za su yi shekara biyar kafin su zama sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Shekara biyar wata 60 ne, wato kowane wata suna cin naira 200,000 daga ƙimarsu ba tare da an ga fitar ko sisi ba. Ranar da janareta ya buga, ranar ce za a biya wannan bashi gaba ɗaya. Kuma ba a tsohon farashi za a sayi sabo ba. Duk wanda ya sayi inji kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya koma sayen irinsa a farkon 2024 bayan ta haura 1,500, ya san abin da nake nufi. Don haka mai hankali zai ware fiye da 200,000, a ce 300,000.

Na uku ya fi duka ɓuya, kuma shi ya ci jarin mutane da yawa a 'yan shekarun nan. Maigidan yana ajiye buhu 100 na fulawa a sito wanda ya saya da kuɗinsa. A wannan watan buhu ya tashi daga naira 60,000 zuwa 63,000. Kafin ya sake cika siton da buhu ɗarin nan dai, ba ɗari da ɗaya ba, sai ya ƙara naira 300,000. Littafi ya lissafa wannan kuɗi a cikin riba, domin da fulawar tsohon farashi aka yi burodin. Amma in ya ɗauke shi ya kai gida, wata mai zuwa buhu 95 zai iya saye. A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan shekara, ɗan kasuwar da ya fara da jarin miliyan 10 ya ƙare da miliyan 12 ya yi asara, ko da kowa yana yi masa barka. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ba sa auna jarinsu da naira. Ɗan Kantin Kwari da dila yake ƙirga nasa, ɗan Dawanau da buhu. Bara buhu nawa nake juyawa, bana nawa? Amsar nan ba ta ruɗin mutum.

Na huɗu bashi ne. Masu shayi da masu kanti suna ɗaukar burodi da safe su biya da yamma, wasu sai bayan kwana uku, wasu kuma sai an gaji da sintiri. Idan a farkon wata ana binsu naira 800,000, a ƙarshensa ya zama miliyan ɗaya, to 200,000 na ribar watan tana aljihun wasu.

A haɗa: 400,000 da 300,000 da 300,000 da 200,000, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Abin da ya rage daga miliyan biyun shi ne naira 800,000. A kan wannan kaɗai maigida yake da zaɓi. Sauran, in ban da albashinsa, ko dai ba ya hannu, ko kuma ɗaukarsa cin uwar kuɗi ne. Kuma barin su a cikin sana'a ba faɗaɗawa ba ce, tsayawa ce a inda ake. Na sha jin mutum yana cewa shekara uku bai ci ko kwabo daga shagonsa ba, komai yana mayarwa, amma shagon bai ƙaru ba. Sau da yawa abin da yake mayarwar bai wuce cike gurbin da hauhawar farashi da tsufan kaya suka haƙa ba.

Akwai haƙƙi biyu da ke gaba da kowane zaɓi, zakka da haraji. A mazhabar Malikiyya riba tana bin shekarar uwar kuɗinta, ba a buɗe mata sabuwar shekara. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda malamai ke kira mudiri, yana ƙiyasta kayan sayarwarsa idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya bisa arba'in idan sun kai nisabi. Kayan aiki irin su inji da tanda ba sa shiga lissafin. Abin lura ga mai son mayar da riba shi ne, tura kuɗi cikin haja ba ya ɗauke zakka, sai dai ya bar mutum da sito cike ba tsabar da zai fitar. Gara a riƙa ware ta tun da wuri. Mu ɗauka bayan an sauke waɗannan, maigidanmu ya ƙare shekara da naira miliyan 9 a hannu.

To, yanzu tanda ta biyu. Magini da mai sayar da inji sun ce miliyan 6 za ta isa a gina tanda a ƙaro injin kwaɓi da gwangwanaye, a riƙa ƙara buhu 5 a rana. Lissafin da zuciya ke so shi ne: buhu 5 sau 8,000 sau kwana 25, miliyan ɗaya a wata, cikin wata shida kuɗi ya dawo. Kuskure biyu ne a ciki.

Na farko, tanda ba ta gasa iska. Ƙarin buhu 5 a rana yana buƙatar ƙarin buhu 50 a sito in za a riƙe ajiyar kwana goma, wato sama da miliyan 3, ga sukari da bota, ga sababbin kwastomomi da su ma bashi za su ɗauka. Kuɗin gaskiya ya kusa miliyan 10, ya ma zarce abin da ke hannu. Wannan ramin ne ke haɗiye sana'o'in da ke cikin ganiyarsu. Ciniki yana ƙaruwa, littafi yana nuna riba, amma ranar biyan dila ba kuɗi, domin duk ƙarin ciniki yana jan ƙarin jarin juyawa kafin ya dawo da komai. Sai a fara jinkirta albashi, a karɓi fulawa bashi a farashin da dila ya ga dama, a rage sukari a kwaɓi, masu saye su gane tun daga gutsuren farko. Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya: ciniki yana hawa wata bayan wata, abin da ke banki yana sauka.

Na biyu, wa zai sayi ƙarin burodin? Kafin a zuba kuɗi sai an san inda sana'ar ta shaƙe. Idan kullum kafin ƙarfe tara burodi ya ƙare, masu shayi suna komawa da kwali ba komai, ana rigima a bakin ƙofa kan wanda ya riga zuwa, to tanda ce ta yi kaɗan, kuɗin da aka sa mata zai haihu. Idan kuwa ana dawo da kwantai da yamma, har ana karyar da na jiya ga masu kiwo, to kasuwa ce ta cika, tanda ta biyu kwantai kawai za ta ninka. Hanyar ganewa ba ta da tsada. A sa yaro ya riƙa rubuta, na tsawon wata biyu, burodi nawa aka nema ba a samu ba, nawa aka dawo da shi. A guji yin wannan ƙirga a watan azumi ko tsakiyar hunturu kaɗai, lokacin da shayi ke tafiya, domin tandar za ta ga watannin zafi ma. In da hali, a gwada kasuwar kafin a yi gini: a ƙara zubi ɗaya da dare a tandar da ake da ita, a biya yara ladan ƙarin aiki, a ga ko kayan za su shige.

A ce gwaji ya nuna buhu 2 kawai kasuwa za ta ƙara ɗauka, su ma sai an kai ƙauyukan nesa, mai da ragin da za a yi wa masu sari sun mayar da ribar buhu 5,000. Buhu 2 sau 5,000 sau 25, naira 250,000 a wata. A cire tsufan sababbin kayan, miliyan 6 a raba wata 60, wato 100,000. Saura 150,000 a wata, miliyan 1.8 a shekara. Ko da jarin juyawan ya ragu tunda buhu biyu ne, kuɗin da aka binne ya kai miliyan 8, abin da yake kawowa bai wuce kashi 22 ko 23 cikin ɗari ba, da duk tashin asuba da haɗarin hanya. A kwatanta da Sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2025, na shekara bakwai, wanda ke biyan kashi 19.75 cikin ɗari a shekara, mutum yana kwance a ɗakinsa. Gaskiya ne ribar burodi tana iya hawa idan farashi ya hau, ta Sukuk kuwa a tsaye take. Duk da haka tazarar ta yi ƙanƙanta da yawa a kan wahalar. Amma da gwajin ya nuna buhu biyar ɗin duka za su shige a cikakken farashi, naira 900,000 a wata bayan tsufan kaya a kan miliyan 10, kuɗi ya dawo kafin shekara, babu wani fili ko takarda da za su yi gasa da wannan. Tandar ɗaya ce, farashinta ɗaya, abin da ya bambanta shi ne abin da yaron nan ya rubuta a bakin ƙofa.

Mizanin ke nan. Ba a tambayar nawa sana'ar take kawowa a kan tsohon jari, ana tambayar nawa sabon kuɗin da za a ƙara zai kawo. Sana'a tana iya zama mai albarka ƙwarai amma ta ƙoshi, ba ta da inda za ta sa ƙari. Manyan kamfanoni ma a kan wannan suke rabuwa. Kamfanin Berkshire Hathaway na Amurka bai raba wa masu hannun jari riba ba tun 1967, bisa hujjar Warren Buffett cewa riƙe riba yana halatta ne kawai idan kowace dala da aka riƙe za ta ƙara wa kamfanin ƙimar aƙalla dala guda. Wasu kamfanonin da suka cika kasuwarsu kuwa duk shekara suke rabawa, kuma ba gazawa ba ce.

Sau da yawa wurin da kuɗi ya fi haihuwa ba shi da kwarjini. Banda buhu ɗarin da ke nasa, maigidanmu yana karɓar kusan rabin fulawar da yake aiki da ita, buhu 125 a wata, a hannun dila bashin mako biyu, dila yana ɗora naira 2,000 a kan kowane buhu. Naira 250,000 ke nan duk wata, miliyan 3 a shekara. Bashin da ke kansa a kowane lokaci bai wuce na buhu 60 da 'yan kai ba, wajen miliyan 4. In ya biya wannan ya koma saye hannu da hannu, miliyan 4 ta tsirar masa da miliyan 3 a shekara, kashi 75 cikin ɗari, ba sabon ma'aikaci, ba neman sabon kwastoma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai ba wanda zai zo ya taya shi murna, domin ba abin da ido zai gani. Tanda kuwa ana ganin hayaƙinta daga titi, kuma ina zargin rabin faɗaɗawar da ake yi a kasuwanninmu don wannan hayaƙin ake yi, musamman idan maƙwabci ya riga ya buɗe reshe.

Saura miliyan 5. Kafin a yi maganar girma ko ci, akwai ajiyar ko-ta-kwana, kuɗin da zai riƙe albashi da haya da gyara na wata biyu zuwa uku idan aiki ya tsaya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko tashin farashin mai bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun shekarar, ya san ciniki yana iya tsayawa ba da laifin kowa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ce miliyan 3 ta tafi nan, a wani asusu daban wanda katinsa ba ya yawo a aljihu.

Miliyan biyun da suka rage, ni a wurina a fitar da su. Fitarwa ba lallai ta zama ci ba. Mutumin da gidansa da abincinsa da makomar 'ya'yansa duk suke rataye a kan rufin kwano ɗaya mai wuta a ƙarƙashinsa dare da rana yana cikin haɗarin da lissafin kashi cikin ɗari ba ya nunawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a dare ɗaya. A irin wannan rana, wanda ya taɓa cire wani abu ya sayi fili ko ya ba da kiwo yana da abin da zai sayar ya sake kafa jari, wanda ya mayar da komai cikin haja kuwa toka zai tarar. Fili yana iya kawo ƙasa da abin da shago ke kawowa, amma ba ya ƙonewa tare da shago.

Shekaru ma suna da ta cewa. Ɗan shekara talatin da kasuwarsa ke neman kaya yana da lokacin jiran tanda ta biya kanta, in ta ci shi ma yana da ƙarfin sake tashi. Ɗan sittin da babu wani cikin 'ya'yansa da ya san zafin tanda, in ya ci gaba da zuba komai a ciki, yana tara wa magada injuna ne da za su sayar a rabin kuɗi ranar rabon gado. Sannan akwai iyakar ido. Gidan burodi ɗaya maigida yana ganin kowane buhu. Reshe na biyu a wata unguwa sai an danƙa wa wani, in babu amintacce babu rubutu, fulawa za ta riƙa fita ta bayan gida. A irin wannan hali, kuɗin da aka kashe wajen ɗaukar akawu da koya wa yaro aiki ya riga bulo muhimmanci.

Idan sana'ar ta haɗin gwiwa ce, maganar takan koma rigima. Wa yana da albashinsa a wani wuri, yana son a bar riba ta taru. Ƙane da wannan sana'ar yake ci da iyali, yana son a raba. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da ke kashe wutar shi ne a rubuta ƙa'ida tun ana shiri, gaban shaidu: mai aiki yana da albashinsa daban, kaso kaza na ribar gaskiya a raba duk shekara, kaso kaza a bari, kuma duk sayayyar da ta wuce adadi kaza sai da yardar kowa. Ga kamfanin da aka yi wa rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce daga riba kaɗai ake raba wa masu hannun jari, ba daga jari ba, kuma ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga kason kafin ya isa hannun mai shi.

Maigidanmu dai ya rufe littafi da rabo kamar haka: miliyan 4 ga dila, miliyan 3 a ajiya, miliyan 2 kafin alƙalamin filin nan na bayan gari, bayan ya je ya ga takardu da idonsa. Tanda ta biyu ta jira. Zubin dare zai ci gaba, yaro zai ci gaba da rubutu a bakin ƙofa, ita kuma naira 250,000 da ta daina tafiya wurin dila za ta riƙa taruwa duk wata. Idan baɗi war haka takardar yaron ta nuna ana komar da masu neman burodin buhu huɗu ko biyar a rana, a zafi da sanyi, sai a kira magini.